Tsarin Darasi a Lokacin Gwajin Koyarwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban malanta suka fi yi a nan Zariya idan lokacin fita gwajin koyarwa ya ƙarato, ko daga Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka fito, ko daga kwalejin ilimi ta Gyallesu, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi ta tarayya. Domin kada bayani ya tsaya a sama, an ɗauki darasi guda ɗaya an bi shi tun daga farko har ƙarshe: darasin Hausa a ajin farko na ƙaramar sakandare, a kan gaɓar kalma, na minti 40, a aji mai ɗalibai 70. Wanda yake koyar da Lissafi ko Kimiyya zai iya ɗaukar hanyar ya sauya misalan.

Mene ne tsarin darasi, kuma daga ina ake samo abin da za a rubuta a cikinsa?

Tsarin darasi rubutaccen shiri ne na abin da zai gudana a cikin aji a darasi guda ɗaya, daga shigar malami har zuwa fitarsa. Mai gwaji ba ya ƙirƙiro batun darasi da kansa. Manhajar ƙasa tana fitowa ne daga Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, makaranta kuma takan rarraba abin da ke cikinta mako-mako a jadawalin aikin zango. Saboda haka abu na farko da ya kamata mai gwaji ya nema a makarantar da aka tura shi shi ne wannan jadawali, tare da littafin da malamin ajin yake rubuta abin da aka riga aka koyar, domin ya san inda aka tsaya.

Batun da ke cikin jadawali sau da yawa ya fi ƙarfin darasi ɗaya. Idan an rubuta "gaɓar kalma" a mako na huɗu, ba a nufin a cusa duk abin da aka sani game da gaɓa a cikin minti 40. Aikin mai gwaji ne ya yanko gwargwadon abin da ajin zai iya ɗauka. A misalinmu an yanko abu biyu kawai, wato raba kalma gaɓa-gaɓa, da bambance buɗaɗɗiyar gaɓa da rufaffiya. Maganar dogon wasali da gajere an bar ta sai wani darasi.

Waɗanne abubuwa ne ake rubutawa a saman takardar?

Sunan mai gwaji da lambarsa, sunan makaranta, aji, darasi da batunsa, kwanan wata, tsawon lokaci, yawan ɗalibai da matsakaicin shekarunsu. Kowace tsangaya tana da fasalin da take so, kuma shi ya kamata a bi ba tare da gardama ba. Abin lura kaɗai shi ne yawan ɗalibai da tsawon lokaci ba ado ba ne, domin da su ake auna ko sauran abin da aka rubuta mai yiwuwa ne.

Yaya ake rubuta manufofin darasi yadda mai dubawa ba zai ja musu jan layi ba?

A nan ne mafi yawan tsare-tsare suke lalacewa, kuma da zarar manufa ta karkace, duk abin da ya biyo bayanta sai ya karkace. Manufa tana faɗar abin da ɗalibi zai iya yi ne a ƙarshen darasi, ba abin da malami zai yi ba. Wanda ya rubuta "koya wa ɗalibai gaɓar kalma" ya bayyana aikinsa ne shi kansa, kuma zai iya cika wannan manufa ko da babu ɗalibi ɗaya da ya amfana. Wanda kuma ya rubuta "ɗalibai za su fahimci gaɓar kalma" ya matso kusa, amma har yanzu da saura, domin fahimta abu ce da ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma babu yadda za a yi mutumin da ke zaune a bayan aji ya ga ta auku. Abin da ake so shi ne aikin da ido zai gani ko kunne zai ji, irin su rabawa, jerowa, bambancewa, zanawa, lissafawa da kawo misali.

Ga yadda manufofin darasinmu za su kasance. A ƙarshen darasi ɗalibai za su iya raba kalma mai gaɓa 2 zuwa 4 gaɓa-gaɓa a rubuce, su yi daidai a kalmomi 4 daga cikin 5. Za su iya ja layi a ƙarƙashin kowace rufaffiyar gaɓa a cikin kalmomin da suka raba. Za su iya kawo kalmomi 2 nasu na kansu masu ɗauke da rufaffiyar gaɓa.

Idan aka duba manufa ta farko za a ga abu uku a cikinta: aikin da za a yi, wato rabawa, sharaɗin aikin, wato a rubuce kuma a kalmomi masu gaɓa 2 zuwa 4, sai ma'aunin nasara, wato 4 daga cikin 5. Ba dole ba ne kowace manufa ta ɗauki duka ukun, amma wadda darasin ya dogara a kanta ya kamata ta ɗauka, domin ma'aunin ne zai gaya wa malami a ƙarshe ko ya wuce gaba ko ya sake komawa baya.

An koya mana cewa manufofi su shafi tunani da ɗabi'a da aikin gaɓɓai. Dole ne kowane darasi ya ƙunshi duka ukun?

Wannan rabe-rabe ya samo asali ne daga aikin Benjamin Bloom da abokan aikinsa, wanda kashinsa na farko, mai magana a kan tunani, ya fito a 1956, kuma yana da amfani wajen tunatar da malami cewa ilimi bai tsaya ga hadda ba. Sai dai a ganina kuskure ne a tilasta wa kowane darasi na minti 40 ya taɓo duka ukun. Abin da hakan yake haifarwa shi ne manufa irin "ɗalibai za su ƙaunaci harshen Hausa", wadda babu matakin da ya koyar da ita, babu kuma tambayar da za ta auna ta kafin a kaɗa ƙararrawa. Idan tsangayarku ta wajabta, to a rubuta abin da za a iya gani, misali ɗalibai za su yi aiki a rukuni kowa ya sa hannu. Abin da ya fi dacewa a ɗauka daga Bloom shi ne hawa-hawa: manufarmu ta farko da ta biyu aiki ne da kalmomin da aka ba ɗalibi, ta uku kuwa tana bukatar ya nemo nasa, kuma wannan ya fi wuya.

Manufa nawa ta isa?

Biyu ko uku. Wanda ya rubuta shida ya yi alkawarin da minti 40 ba za su cika ba.

Me ake nufi da ilimin da ɗalibai suka zo da shi, kuma me ya sa ake yawan gyara wannan sashe?

Ana nufin takamaiman abin da ɗalibai suka riga suka sani wanda sabon darasi zai hau kansa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a rubuta batun makon jiya ko da ba shi da alaƙa da na yau, ko kuma a rubuta magana mai faɗi kamar "ɗalibai suna jin Hausa". Abin da darasin gaɓa yake bukata shi ne ɗalibai su iya bambance baƙi da wasali, su kuma san cewa ts, sh, kw da gy kowanne baƙi ɗaya ne duk da cewa da haruffa biyu ake rubuta shi. Wannan shi ne za a rubuta, kuma shi ne za a gwada a gabatarwa. A makarantun Sabon Gari da Samaru, inda ake samun ɗaliban da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, bai kamata a ɗauka kowa ya san wannan ba sai an tambaya.

Waɗanne kayan koyarwa ne suka dace, musamman a makarantar da ba ta da komai sai allo?

Ma'aunin kayan koyarwa shi ne a iya nuna matakin da za a yi amfani da su da kuma manufar da suke yi wa hidima. Kwalin da aka ƙawata da launuka aka manna a bango tun farkon darasi, ba a sake waiwayarsa ba, bai koyar da komai ba, kuma masu dubawa suna lura da haka. Masu dubawa da yawa kuma ba sa lissafa allo da alli a cikin kayan koyarwa, domin kowane aji yana da su.

Darasinmu yana bukatar abu biyu, kuma dukansu ba sa bukatar wutar lantarki. Na farko manyan katuna ne da aka yanka daga tsohon kwali, kowane kati ɗauke da gaɓa ɗaya, waɗanda ɗalibai za su riƙe a gaban aji. Na biyu ƙananan katuna ne a cikin ambulan 10, ɗaya ga kowane rukuni na ɗalibai 7, kowace ambulan da gaɓoɓin kalmomi 3 a gauraye. A rubuta manyan katunan da maka mai kauri, tsayin harafi ya kai faɗin yatsu huɗu, sannan mai gwaji ya je ajin kafin ranar darasi ya ajiye kati a gaban allo ya koma benci na ƙarshe ya gani ko yana karantuwa. Ya kuma duba ƙa'idar rubutu da kyau, domin katin da aka mance lanƙwasar ƙ ko ɗ a kansa zai koyar da kuskure ga ɗalibai 70 a lokaci ɗaya. Yankan katuna kimanin 90 yana cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya ake tsara matakan darasi?

Ƙa'idar ita ce kowace manufa ta sami matakin da ya koyar da ita, kuma a kowane mataki a rubuta abin da malami yake yi, da abin da ɗalibai suke yi, da mintunan da aka ware. Idan aka duba ɓangaren ɗalibai aka ga "suna saurare" tun daga sama har ƙasa, to lacca aka shirya.

Gabatarwa tana da minti 5. Malami zai rubuta "tsuntsu" a allo ya nemi ɗalibai su nuna baƙaƙe da wasulan da ke ciki. Idan suka ƙirga ts a matsayin baƙi ɗaya, ilimin da aka dogara a kansa yana nan. Idan suka ce t daban, s daban, sai ya gyara nan take kafin ya ci gaba. Daga nan ya furta sunayen ɗalibai biyu ko uku yana tafi sau ɗaya ga kowace gaɓa, ya tambayi ajin tafi nawa suka ji, sannan ya rubuta batun darasi a allo.

Mataki na farko, mai minti 8, yana yi wa manufa ta farko hidima. Ana farawa da kalmomi masu sauƙi, gi-da da Sa-ma-ru, ɗalibai suna furtawa suna tafi, malami yana rubuta rabon a allo. Sai a hau zuwa ma-ka-ran-ta, a kira ɗalibai 4 su riƙe manyan katuna su jera kansu daidai. A ƙarshe a kawo lit-ta-fi, domin a nan ne ake tuntuɓe: da yawa za su rubuta li-tta-fi. Malami zai sa su furta kalmar a hankali har su ji cewa t ta farko tana rufe gaɓar farko, ta biyu kuma tana buɗe mai bi mata. Ya kamata a rubuta wannan kuskure da ake tsammani a cikin tsarin darasin, tare da yadda za a gyara shi, domin shi ne yake nuna cewa mai gwaji ya yi tunani a kan ɗalibansa.

Mataki na biyu, mai minti 9, na manufa ta biyu ne. Maimakon malami ya fara da ma'ana, sai ya jera gaɓoɓin da aka riga aka samu gida biyu a allo, ma, ka, ta, gi a hagu, ran, lit, tsun a dama, ya tambayi ɗalibai abin da ya bambanta su. Ba a daɗewa wani zai lura cewa na hagu da wasali suka ƙare, na dama kuwa da baƙi. A lokacin ne malami zai ba su suna, buɗaɗɗiya da rufaffiya, ya rubuta ma'anar a taƙaice. Kalmar Zaz-zau ta dace da rufe wannan mataki, domin gaɓarta ta farko rufaffiya ce, ta biyu kuma buɗaɗɗiya ce da ta ƙare da tagwan wasali.

Mataki na uku, mai minti 8, aikin rukuni ne. Kowane rukuni zai harhaɗa katunan ambulansa ya fitar da kalmomi 3, ya ware rufaffun gaɓoɓi gefe, sannan ya ƙara kalma ɗaya tasa mai rufaffiyar gaɓa, wanda shi ne share fagen manufa ta uku. A aji mai cunkoso kada a ce za a kwashe bencuna. 'Yan benci na gaba su juyo su fuskanci na bayansu. Ragowar lokaci shi ne minti 7 na auna fahimta da minti 3 na kammalawa da ba da jinga, jimilla minti 40.

Akwai abin da aka bari da gangan. Kalmomin da suke farawa da wasali a rubuce, irin su alƙalami da ido, ba su shigo ba, saboda a furuci akwai baƙin hamza a farkonsu wanda ba a rubutawa, kuma bayaninsa zai cinye lokacin mataki guda. Idan ɗalibi ya kawo irin wannan kalma, a yaba masa, a rubuta ta a gefen allo, a gaya masa darasi mai zuwa zai fara da ita.

Dole ne a rubuta duk maganar da malami zai yi?

A'a. A rubuta misalan da za a yi amfani da su, da muhimman tambayoyi, da ma'anar da za ta hau allo. Mai gwajin da ya rubuta kowace jimla yakan ƙare da karanta takarda, idonsa ya bar ɗalibai.

Yaya ake rubuta tambayoyin auna fahimta?

Ana ɗauko su ne kai tsaye daga manufofi, tambaya ɗaya ga kowace manufa, da irin aikin da manufar ta ambata. Shawarata ita ce a rubuta su nan da nan bayan manufofi, tun kafin a tsara matakai, domin wanda ya san abin da zai tambaya a ƙarshe ya san abin da dole ya koyar a tsakiya. Idan manufa ta ce rabawa, tambayar kuma ta ce "Mece ce gaɓa?", to an koyar da abu ɗaya an auna wani. "Kun gane?" kuwa ba tambayar auna fahimta ba ce, domin amsarta kullum ita ce "Mun gane, Malam."

Tambayoyin darasinmu guda uku ne. Ta farko: raba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa, kasuwa, gyaɗa, takarda, tsintsiya, hannu. Ta biyu: ja layi a ƙarƙashin kowace rufaffiyar gaɓa da ka samu. Ta uku: rubuta kalmomi 2 naka masu rufaffiyar gaɓa. Babu ɗaya daga cikin kalmomin nan 5 da aka yi amfani da ita a matakan darasi, domin da an maimaita makaranta da littafi, da hadda aka auna.

Kowace kalma kuma da dalilin zaɓenta. Ka-su-wa mai sauƙi ce, wanda ya faɗi a kanta bai kama darasin ba tun daga tushe. Wanda ya rubuta g-ya-ɗa matsalarsa tana ga ilimin baya, bai ɗauki gy a matsayin baƙi ɗaya ba. Wanda ya rubuta ta-ka-rda ko tsi-ntsi-ya bai ji yadda baƙi yake rufe gaɓa ba. Wanda ya rubuta ha-nnu ya maimaita kuskuren da aka yi a kalmar littafi. Ta haka amsar da ba daidai ba ma tana gaya wa malami matakin da bai zauna ba.

A cikin minti 7 yaya mutum ɗaya zai duba aikin ɗalibai 70?

Ba zai duba duka ba, kuma ba a bukatar haka. Kowa zai rubuta amsarsa a littafinsa cikin minti 4, malami yana zagayawa yana leƙa na gaba da na tsakiya da na baya, ba na masu ɗaga hannu kaɗai ba. Sai ɗalibai su yi musayar littattafai, a rubuta amsoshi a allo, kowa ya duba na maƙwabcinsa, sannan malami ya ce waɗanda suka sami 4 ko 5 a tambaya ta farko su ɗaga hannu. Wannan ƙidaya ba ta rasa kuskure, domin yara sukan rufa wa juna asiri, shi ya sa yake da kyau a karɓi littattafai 10 daga sassa daban-daban na ajin a duba su a ofishin malamai.

Idan lokaci ya ƙure ana tsakiyar darasi, me za a yanke?

A taƙaita mataki na uku, kada a taɓa auna fahimta. Masu gwaji sukan yi akasin haka, su ƙarasa matakai a guje ƙararrawa ta kaɗa ba su yi tambaya ko ɗaya ba, sai mai dubawa ya rasa shaidar cewa an cim ma manufa. Idan ɗalibai sun makara shigowa bayan taron safe ko bayan tara har an rasa minti 10, gara a ajiye manufa ta uku gaba ɗaya a mayar da ita jinga, a koyar da biyun farko a auna su. Idan mai dubawa yana cikin aji, sai a bayyana masa dalilin bayan darasi.

Me ake rubutawa a gurbin sharhi bayan an gama darasi?

Ba a rubuta "darasi ya yi kyau". A rubuta abin da aka ƙirga da abin da za a yi a kansa. A ce ɗalibai 52 daga cikin 70 sun sami 4 ko 5 a tambaya ta farko, amma a cikin littattafai 10 da aka karɓa, 6 sun raba hannu a matsayin ha-nnu. Sharhin zai ce an cim ma manufa ta farko ga mafi yawan ajin, amma kalmomi masu baƙi biyu iri ɗaya a jere suna bukatar ƙarin aiki, don haka gabatarwar darasi mai zuwa za ta fara da kunne, sannu da tattabara kafin a shiga kalmomi masu farawa da hamza. Sauran ɗalibai 18 kuma a nemi sunayensu a rarraba su cikin rukunoni daban-daban, sannan a kai sabon tsarin ga malamin ajin ko shugaban sashe ya sa hannu kafin ranar darasin.